Sanyin Janairu da zafin Yuli: kurakuran da muke yi kan kusancin rana

Duk shekara in zafin Makka ya kai intaha, AC na ta aiki amma kamar ba a kunna ba, sai ka ji wani a majalisa ya ce ai rana ce ta matso kusa da mu. Har masu boko na faɗa. To gaskiya lissafin ba haka yake ba, akasin haka ma yake. Duniya ta fi kusa da rana a farkon Janairu, wajen 3 ko 4 ga wata, tazarar kusan kilomita miliyan 147, lokacin da mutanen Tabuk ke sa jaket biyu har wani lokaci ƙanƙara ta sauka a Jabal al-Lawz. Ta kuma fi nisa a farkon Yuli, kusan miliyan 152, daidai lokacin da kwalta ke ƙona takalmi a Riyad. Bambancin kashi 3 ne cikin ɗari kacal. Kuma in da nisa ne ke kawo sanyi ai da duk duniya tare za a yi shi, amma tambayi alhazan Afirka ta Kudu, su Disamba ne lokacin zafinsu, Yuni da Yuli suke hunturu. Rana ɗaya, tazara ɗaya, yanayi biyu.

Abin da ke faruwa shi ne duniya ba a miƙe take juyawa ba, a karkace take da kusan digiri 23.4. Rabin shekara ɓangaren arewa inda muke shi ke fuskantar rana sosai, ɗaya rabin kuma na kudu.

A nan ne kuskure na biyu yake shigowa, kuma ni ya fi ba ni haushi don mai yinsa gani yake ya gane. Sai ya ce eh mana, karkatar ce ke sa ɓangarenmu ya matsa kusa da rana shi ya sa muke jin zafi. Malam ai ka koma gidan jiya. Daga tsakiyar duniya zuwa bayanta kilomita 6,400 ne ko ƙasa kaɗan, to in kilomita miliyan 5 na tsakanin Janairu da Yuli ba su iya juya yanayi ba, 'yan dubban da karkata za ta ƙara ko ta rage me za su yi? Aikin karkatar biyu ne: tana canza yadda hasken ke sauka a ƙasa, a tsaye ko a gicciye, tana kuma canza yawan awannin da rana ke yi a sama. Haska tocilan a bango kai tsaye za ka ga ɗan da'ira mai ƙarfi, karkata hannunka sai hasken ya bazu ya dusashe, alhali batir ɗin bai canza ba.

Ga yadda za ka gwada da kanka, sanda mai tsawon mita ɗaya kawai kake buƙata da fili mai shimfiɗe, ko saman bene. Kafa ta a miƙe ka auna inuwarta lokacin zawali, wato gab da kiran azahar. Makka tana digiri 21.4 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Wajen 21 ga Disamba rana tana tsaye ne a kan digiri 23.4 kudu, ka haɗa biyun ka samu kusan 45, ka cire daga 90, saura 45. Ma'ana ko da tsakar rana iyakarta rabin hanya zuwa tsakiyar sama, inuwar sandarka za ta yi kusan mita ɗaya cif, ta miƙe arewa. Hasken da ke sauka a haka, abin da kowane taku na ƙasa ke samu bai wuce kashi 70 cikin ɗari na wanda zai samu in rana na tsaye a ka ba. Kusancin Janairu kuwa kashi 7 kawai yake ƙara wa hasken in aka gwada da Yuli, ka ga an ba ka 7 an karɓe 30.

Sai ka dawo wajen 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 12:18, ko 15 da 16 ga Yuli da 12:27. Wannan lokacin ne rana ke tsayawa saitin Ka'aba, wanda ake ta sanarwa don mutanen wasu ƙasashe su gyara alƙibla, sandarka ba ta da inuwa sam. Tsakanin waɗannan ranakun biyu ma inuwar kudu take komawa 'yar ƙarama, santimita uku zuwa huɗu a 21 ga Yuni. Amma kar mutumin Madina ko Riyad ya zauna jiran ranar da inuwa za ta ɓace gaba ɗaya, su sun haura digiri 24, rana kuma ba ta wuce 23.4, don haka tana zuwa dab amma ba ta taɓa tsayawa a kansu. Inda mutane ke ɓata gwajin shi ne sanda ta ɗan jingina, ko su auna da sha biyu na agogo, alhali zawalin Makka yana yawo ne daga wajen sha biyu da minti biyar zuwa sha biyu da rabi da 'yan mintuna, ya danganta da wata. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa wajen shigar la'asar ake cewa inuwa ta kai tsawon abu bayan an ware inuwar zawali, don ita ba ta zama ɗaya duk shekara.

Wasu kuma suna zaton duniya rangaji take yi, ta sunkuya wa rana a Yuni ta ɗago a Disamba. A'a, karkatar na nan inda take, tana nuna wajen tauraron arewa duk shekara, zagayen da duniya ke yi ne ke kai ta wancan gefen na rana.

Batun tsawon yini shi masu azumi ba sai an faɗa musu ba. A Makka yinin Yuni yana kai awa 13 da minti 25 haka, na Disamba kuma bai cika awa 11 ba. A Kano bambancin bai fi awa ɗaya da rabi ba don ta fi kusa da layin da ya raba duniya biyu, Tabuk kuwa ya haura awa uku da rabi. Kuskuren a nan shi ne jingina abin ga watan Musulunci, kaza wata na zafi ne kaza na sanyi. Shekarar hijira tana gaza ta rana da kusan kwana 11, don haka Ramadan ke zagaye yanayin gaba ɗaya cikin kusan shekara 33, wanda ya yi azumin 2015 a Yuni da Yuli ya san bambancinsa da na yanzu.

Sannan kar a ce tunda 21 ga Yuni ne yini mafi tsawo to shi ne mafi zafi. Ƙasa da teku suna ɗaukar lokaci kafin su ɗumama, suna ci gaba da tara zafi muddin abin da suke sha da rana ya fi wanda suke saki da dare, shi ya sa Yuli da Agusta suka fi gasa mutane a Riyad da Jidda, sanyi kuma ya fi kamawa a Janairu ba Disamba ba. Haka magariba mafi wuri ba a 21 ga Disamba take ba, duba kalandar salla ta Makka za ka same ta a ƙarshen Nuwamba, fitowar rana mafi latti kuma sai tsakiyar Janairu, saboda shi kansa zawalin yana ƙara latti da kusan rabin minti kullum a wannan tsakanin.