Labari da Sifaniyanci: inda ake tuntuɓe tsakanin indefinido da imperfecto

Mai koyon Sifaniyanci yakan haddace sigogin aikatau na shuɗaɗɗen lokaci cikin 'yan makonni. Ya san *hablé* da *hablaba*, ya san *comí* da *comía*, har ya san cewa aikatau uku ne kacal ke bauɗewa a sigar *imperfecto*, wato *era*, *iba* da *veía*. Amma da zarar an ce ya ba da labarin abin da ya faru da shi jiya, sai lissafi ya dagule, domin kowace jimla tana neman ya zaɓi ɗaya daga cikin sigogi biyu da duk suke nufin abin da ya wuce. Ta farko ita ce *pretérito indefinido*, wadda wasu littattafan nahawu ke kira *pretérito perfecto simple*. Ta biyu kuma *pretérito imperfecto*.

Bahaushe yana da sa'a a nan, domin harshensa ma yana raba "ya tafi" da "yana tafiya" da "yakan tafi". A mafi yawan lokuta, inda za ka ce "sai suka tafi" a labari, Sifaniyanci zai ce *se fueron*. Inda kuma za ka ce "suna tafiya" ko "sukan tafi" kana nufin a da, zai ce *iban*. Sigar *indefinido* tana nuna aiki a dunƙule, da iyakarsa, ita ce ke tura labari gaba. Sigar *imperfecto* tana ajiye mai sauraro a tsakiyar aikin ko yanayin, ba ta ce komai game da ƙarshensa.

Ga wani gajeren labari da na tsara da gangan, na cusa masa irin kurakuran da ake yawan gani a rubutun masu koyo:

*Fueron las ocho de la noche y llovió mucho. Marta tuvo veinte años y no conoció a nadie en Madrid. Esperaba el tren dos horas. De repente, un hombre se acercaba y le preguntaba su nombre. Ella no quería contestar y se iba.*

Abin da marubucin ke son faɗa shi ne: ƙarfe takwas na dare ne, ana ruwa sosai, Marta 'yar shekara ashirin ce kuma ba ta san kowa a Madrid ba. Ta yi awa biyu tana jiran jirgin ƙasa, kwatsam sai wani mutum ya matso ya tambaye ta sunanta, ta ƙi amsawa ta yi tafiyarta. Babu aikatau ɗaya a cikin Sifaniyancin da aka rubuta shi ba daidai ba ta fuskar siga, amma kusan kowane ɗaya yana zaune a gurbin da ba nasa ba.

Jimlar farko shimfiɗa ce, labarin bai fara motsi ba tukuna. Lokacin agogo a cikin labari da *imperfecto* ake faɗarsa: *eran las ocho*, ko *era la una* idan ƙarfe ɗaya ne. Ruwan saman ma yana cikin zuba a daidai lokacin da muka iske Marta, saboda haka *llovía*. Shi *llovió mucho* jimla ce lafiyayya a wani wurin: tana nufin an yi ruwa sosai an ɗauke, kamar mai ba da rahoton yadda daren jiya ya kasance. Idan ka sa ta a bakin labari, ka rufe ruwan tun kafin yarinyar ta jiƙe. Haka shekarun mutum: *tenía veinte años*, domin yanayi ne da take ciki lokacin da abin ya faru.

Kuskuren *no conoció* ya fi sauran buƙatar a tsaya a kansa, kuma ina ganin mu Hausawa mun fi saurin faɗawa cikinsa. Dalili shi ne, Hausa tana amfani da sigar kammalallen aiki wajen faɗar wasu yanayi da suke nan ba su ƙare ba. Muna cewa "na san shi", "na iya", "ya gaji", alhali sanin da iyawar da gajiyar duk suna nan daram. Mai koyo ya riga ya ɗaura "na yi" da *indefinido* a ransa, sai ya ɗauki "na san shi" ya mayar *lo conocí*. To amma yanayi irin sani ba shi da iyaka a karan kansa, saboda haka idan ka tilasta masa sigar da ke nuna iyaka, sai Sifaniyanci ya ɗauki farkonsa a matsayin iyakar. *Lo conocía* na nufin da ma na san shi. *Lo conocí en Sevilla* na nufin a Sevilla muka fara haɗuwa. Don haka *no conoció a nadie en Madrid* ma'anarta ita ce, har ta gama zamanta a Madrid ba ta yi sabon sani ko ɗaya ba. Abin da labarinmu ke buƙata shi ne *no conocía a nadie*.

Wannan tsari ɗaya ne ke bin sauran aikatau na yanayi. *Sabía la verdad* ya san gaskiyar tun da, *supo la verdad* a lokacin ne gaskiyar ta iso masa. *Podía abrir la puerta* yana da ikon buɗe ƙofar, ba mu san ko ya buɗe ba, *pudo abrir la puerta* kuwa ya samu ya buɗe. *Tenía un hijo* tana da ɗa, *tuvo un hijo* a galibin magana ta haihu ne. Ana yawan koyar da waɗannan a matsayin aikatau masu canja ma'ana da sai an haddace. Haddar tana da amfani, amma hanya mafi sauƙi ita ce ka tambayi kanka: a wannan gaɓa ta labarin, abu ne ya auku, ko kuwa yanayi ne da aka iske? Idan za ka iya sa "da ma" a gaban jimlar Hausar, *imperfecto* ne. Idan "sai" ce ta dace, *indefinido* ne.

Jimla ta uku ta faɗa ramin da ya fi kowane faɗi, wato zaton cewa aiki mai tsawo na *imperfecto* ne, gajere kuma na *indefinido*. Tsawon lokaci ba shi da hannu a wannan zaɓi ko kaɗan. Abin dubawa shi ne ko an faɗi iyakar aikin. Tunda an ce *dos horas*, an auna jiran daga farko zuwa ƙarshe, sai a ce *esperó el tren dos horas*. Yaƙin basasar Sifen an yi shi daga 1936 zuwa 1939, kuma duk da tsawonsa abin da ake cewa shi ne *la guerra duró casi tres años*. Mutum zai yi shekara talatin a gari ɗaya ya ce *viví treinta años en Granada*. Hausa ma haka take yi idan ka saurara: "na yi shekara talatin a garin" muke cewa, da sigar kammalawa. A cire awa biyun, a kawo wani abu da ya katse jiran, sai sigar ta juya: *esperaba el tren cuando sonó el teléfono*, tana jiran jirgi sai waya ta yi ƙara.

Maimaici ma da wannan ma'auni ake auna shi. *Iba al mercado todos los sábados* al'ada ce marar iyaka, daidai da "yakan je kasuwa kowace Asabar". Amma *fue al mercado tres veces* an ƙirga, an rufe. A nan ne jerin kalmomin da ake ba ɗalibai, cewa *siempre* da *todos los días* na *imperfecto* ne, *ayer* kuma na *indefinido*, yake yaudarar mutane. Ana cewa *aquel mes fui al hospital todos los días*, domin watan ne ya kewaye maimaicin. Ana cewa *siempre me ayudó* game da wanda ake duban taimakonsa gaba ɗaya a matsayin abin da ya kammala. Kuma *ayer llovía cuando salí* daidai ne ɗari bisa ɗari, duk da *ayer* da ke gabanta.

Sauran jimlolin biyu su ne ƙashin bayan labarin, ayyuka ne da ke bin juna ɗaya bayan ɗaya: ya matso, ya tambaya, ta ƙi, ta tafi. Da aka sa su a *imperfecto* sai labarin ya cije wuri ɗaya. *Se acercaba* mutumin yana ta matsowa bai iso ba, *le preguntaba* yana ta tambaya, *se iba* ta kama hanyar tafiya amma ba mu ga ta fice ba. Mai jin Sifaniyanci zai zuba kunne yana jiran abin da zai katse waɗannan ayyuka, kuma ba zai zo ba. Wannan rashin alkawarin ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne: *el niño se ahogaba* yaro yana nutsewa, wataƙila an ciro shi da rai, amma *el niño se ahogó* ya mutu a ruwa. Shi kuma *no quería contestar* yana nuna abin da ke ranta kawai, har za a iya ƙara masa *pero contestó*, amma dai ta amsa. Ƙin da ta yi a aikace shi ne *no quiso*. Ga labarin bayan gyara:

*Eran las ocho de la noche y llovía mucho. Marta tenía veinte años y no conocía a nadie en Madrid. Esperó el tren dos horas. De repente, un hombre se acercó y le preguntó su nombre. Ella no quiso contestar y se fue.*

Akwai hanyar duba rubutunka da kanka. Ka tsame jimlolin *indefinido* su kaɗai ka karanta a jere: ta jira, ya matso, ya tambaya, ta ƙi, ta tafi. Idan sun ba da labari mai kai da ƙafa, kuma sauya musu jeri zai sauya abin da ya faru, to suna gurbinsu. Jimlolin *imperfecto* kuwa za ka iya juya jerinsu ba tare da an rasa komai ba, ko ruwan ka fara ambata ko shekarun Marta, domin duk tare suke gudana.

Lokacin rubutawa a kula da alamar da ke kan wasalin ƙarshe. *Preguntó* ya tambaya, *pregunto* ina tambaya, kuma mantawa da ɗan karan nan yana sauya mai aikin da lokacinsa gaba ɗaya.

Wuri na ƙarshe da ake zamewa shi ne inda ake kawo maganar wani a cikin labari. Da Marta ta buɗe baki ta ce *estoy cansada*, na gaji, mai ba da labari zai ce *dijo que estaba cansada*. Hausa ba ta taɓa sigar, "ta ce ta gaji" ne kawai, shi ya sa hannu ke saurin rubuta *dijo que estuvo cansada*. Wannan kuwa na nufin ta ba da labarin wata gajiya da ta yi a baya wadda ta riga ta wuce. Gajiyar da take ji a daidai lokacin da take maganar, *estaba* ce ke ɗauke da ita.