Sabon abokin kasuwanci ya biya kuɗin suna? Ku wuce da su ta asusun jari

In kuna ɗaukar sabon abokin tarayya, ba kwa son darajar sunan kasuwancinku ta zauna cikin littafi, ku buɗe asusunta ku rufe rana ɗaya.

Ga misali. Ku biyu ne, kuna raba riba kashi 3 da 2. Kun yarda sunan shagon da amanar masu saye sun kai naira 600,000. Sabon zai samu kashi ɗaya cikin uku, rabon ya koma daidai tsakanin ku ukun.

Da farko ku rubuta 600,000 a asusun jarin tsofaffin bisa tsohon rabo: babban mai kashi 3 ya samu 360,000, ƙaramin mai kashi 2 ya samu 240,000.

Sannan ku cire ta daga jarin ku ukun bisa sabon rabo, kowa 200,000.

Babban ya tsira da 160,000, ƙaramin da 40,000, sabon kuma an rage masa 200,000. In ya kawo miliyan ɗaya, jarinsa 800,000 ne. Ku gaya masa wannan tun kafin ya sa hannu, don nan rigima take tashi.

Amfanin hanyar, kowa yana samun diyyar abin da ya sadaukar na riba. Mutane da yawa suna raba 200,000 ɗin kai tsaye bisa 3 da 2, sai ƙaramin ya karɓi 80,000, alhali ɗan kaɗan ya rasa. An cuci babban ke nan.

Inda ba ta aiki: in sabon ya biya tsofaffin hannu da hannu, kuɗin ba su shiga asusun kasuwancin ba, kada ku rubuta su, in kun rubuta za a biya sau biyu.