Kurakuran da aka fi yi a lissafin musayar kuɗin ruwa tsakanin kamfanoni

A wani zaman horar da ma'aikatan sashen kuɗi da muka yi a unguwar Garki a Abuja, wani akanta ya tsayar da ni tun kafin in gama rubutu a allo, ya ce: "Malam, idan bankuna sun fi amincewa da kamfani ɗaya a kowane irin bashi, me zai samu wajen haɗa kai da wanda bai kai shi ba?" Tambayar tana da kyau, kuma a cikinta kuskure na farko yake. Musayar kuɗin ruwa yarjejeniya ce da ɓangarori biyu suke ƙullawa, ɗaya ya riƙa biyan ruwa tsayayye, ɗaya kuma ruwa mai hawa da sauka, duka a kan adadin kuɗi guda kuma na wani wa'adi. Ma'aunin ruwa mai hawa da sauka na naira da aka fi sani shi ne NIBOR, wanda kasuwar hada-hadar kuɗi ta FMDQ take fitarwa, wato ruwan da bankuna suke ba juna rance a kansa.

Mu ɗauki misali da alƙaluman da na tsara domin bayani. Kamfanoni biyu ne a yankin masana'antu na Idu, kowanne yana neman bashin naira biliyan ɗaya na shekara biyar. Babban cikinsu, wanda ya daɗe yana biyan bashi a kan lokaci, an ce masa ruwa tsayayye kashi 18 cikin ɗari, ko kuma NIBOR da ƙarin kashi 1. Ƙaramin kuwa an ce masa tsayayye kashi 21, ko NIBOR da ƙarin kashi 2. Babban yana son mai hawa da sauka domin yana ganin ruwa zai sauko, ƙaramin kuma yana son tsayayye domin ya san abin da zai fitar duk shekara.

Mai kallon sama-sama zai ce babban ya fi sauƙin bashi a kasuwa biyun, saboda haka babu abin tattaunawa. Amma abin dubawa shi ne girman tazarar a kowace kasuwa. A ruwa tsayayye tazarar kashi 3 ce, a mai hawa da sauka kashi 1 ce kacal. Ƙaramin yana baya a ko'ina, sai dai bayan da yake a kasuwar mai hawa da sauka bai kai na ɗaya kasuwar ba, kuma wannan shi ne fifikon kwatance da David Ricardo ya bayyana a 1817 game da cinikin ƙasashe. Idan aka cire 1 daga 3, saura kashi 2, kuma wannan ne dukan abin da za a raba. Kowa sai ya ci bashi a inda ya fi fifiko: babban ya karɓi tsayayye a kashi 18, ƙaramin ya karɓi NIBOR da kashi 2. Daga nan su yi musaya, babban ya riƙa biyan ƙaramin NIBOR, ƙaramin ya riƙa biyan babban kashi 18. Kashi 18 da babban yake karɓa ya rufe wanda yake biyan bankinsa, ya rage masa NIBOR zalla, alhali da ya je kai tsaye da ya biya ƙarin kashi 1. Shi kuma ƙaramin NIBOR ɗin da yake karɓa ya share wanda yake biya, ya rage masa 18 da 2, wato kashi 20 maimakon 21. Kowanne ya rage naira miliyan 10 a shekara.

Kuskuren da yake biyo baya shi ne mutane su haɗa tazarar biyu maimakon su cire ɗaya daga ɗaya, su ce akwai kashi 4 na rabo. Hanyar gane wannan mai sauƙi ce: a tattara ribar kowane ɓangare, har da ta bankin da ya shiga tsakani, kuma dole jimillar ta zama daidai da bambancin tazarar biyu. Idan banki ya karɓi 18.2 daga ƙaramin ya miƙa wa babban 17.8, to ya riƙe 0.4, wato naira miliyan 4, kowane kamfani ya samu 0.8, jimilla ta koma 2. Duk lissafin da ya haura haka, akwai inda aka ƙirga wani biya sau biyu. Haka kuma idan da ƙaramin ne yake son mai hawa da sauka, babban yake son tsayayye, da babu musayar da za ta amfane su, domin kowa yana son abin da dama a nan ya fi fifiko.

A kan uwar kuɗin ba sai an daɗe ba. Biliyan ɗayan nan ba ta barin hannun kowa a cikin musayar, ma'auni ce kawai da ake lissafa ruwa a kanta, kuma bambancin biyan biyu ne ake turawa. Idan NIBOR ya kai 20, babban zai tura wa ƙaramin miliyan 20, ba 200 ba. Kowa kuma yana nan da bashinsa a wuyansa a gaban bankin da ya ba shi.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne ɗaukar wannan kashi 2 a matsayin tsintuwa, domin shi ne yake jefa ƙananan kamfanoni cikin wahala. Ya kamata a tambayi dalilin da ya sa banki ya sassauta wa ƙaramin a bashi mai hawa da sauka amma ya tsananta masa a tsayayye. Dalilin yana cikin takardar bashin. Sau da yawa bashi mai hawa da sauka ana sabunta shi ne duk wata shida ko shekara, kuma a kowane sabuntawa banki yana da damar duba halin kamfanin, ya ƙara ƙarin da yake ɗorawa a kan NIBOR, ko ma ya ƙi sabuntawa. Wanda ya bayar da bashin shekara biyar a ruwa tsayayye ba shi da wannan dama, shi ya sa yake neman kashi 21. Musayar ta ɗaure NIBOR ne kawai, ba ta ɗaure ƙarin kashi 2 ba. Idan kasuwa ta yi wa ƙaramin tsauri a shekara ta biyu, banki ya mayar da ƙarin kashi 4, to abin da yake biya ya zama 22, ya wuce 21 da ya guje wa tun farko. Gyaran shi ne kafin a sa hannu a buɗe takardar bashin a nemi sakin layin da ya yi magana a kan wannan ƙari. Idan an ɗaure shi na tsawon shekara biyar, kashi 20 na gaske ne. Idan ba a ɗaure ba, a rubuta wa shugabannin kamfani ƙarara cewa kashi 20 ya dogara ga ci gaba da amincewar banki. Babban ma ba a ɓagas ya samu nasa ba, domin idan ƙaramin ya durƙushe a lokacin da NIBOR ya sauka ƙasa da 18, ya rasa kuɗin da yake jira, ga kuma bashinsa na kashi 18 yana nan. Wannan ne ya sa galibi ake bi ta banki, a ƙarƙashin babbar yarjejeniyar ISDA, ƙungiyar duniya ta masu irin wannan musaya, a kuma ajiye jingina.

Sai maganar ƙima. Ranar da aka ƙulla musaya a kan farashin kasuwa, darajarta sifili ce ga kowane ɓangare, kuma mu ɗauka kashi 18 shi ne farashin wannan rana. Kuskure ne a ci gaba da rubuta sifili a littafi bayan haka. Tsakanin Mayun 2022 da Nuwamban 2024 Babban Bankin Nijeriya ya ɗaga ma'aunin ruwansa daga kashi 11.5 zuwa 27.5, kuma duk wanda ya ɗaure biyan ruwa tsayayye kafin wannan hawan ya wayi gari da yarjejeniya mai daraja sosai, abokin musayarsa kuma da nauyi daidai da ita.

A ce shekara uku sun wuce, saura biyu, an gama biyan bana yau, kuma ruwan kasuwa na shekara ɗaya da na biyu duka kashi 20 ne. A zahiri ana biya duk wata uku ko shida, na mayar da shi sau ɗaya a shekara ne domin lissafin ya fito fili. Ana kallon musayar tamkar takardun bashi biyu. Ta tsayayye za ta biya miliyan 180 baɗi, sannan 1,180 a shekarar ƙarshe idan aka haɗa da uwar kuɗi. Ta mai hawa da sauka kuwa, a ranar da aka sabunta ruwanta darajarta daidai take da uwar kuɗin, miliyan 1,000, domin ruwan kasuwar ranar take biya.

```
180/1.20 + 1180/1.20^2 = 150.00 + 819.44 = 969.44
1000 - 969.44 = 30.56
```

Ƙaramin, mai biyan tsayayye, yana da ribar naira miliyan 30.56, babban kuma yana da asarar daidai wannan adadi. Za a iya gwada amsar ta wata hanya: bambancin miliyan 20 a kowace shekara, idan aka mayar da shi darajarsa ta yau, ya zama 16.67 da 13.89, jimilla 30.56. Ina ba kowa shawara ya riƙa bin hanyoyin biyu, domin idan ba su haɗu ba to akwai matsala. Amsoshi biyu na kuskure na fi gani a takardun masu koyo. Wasu suna rubuta miliyan 40, domin sun haɗa 20 da 20 kamar kuɗin baɗi da na yau ɗaya ne. Wasu kuma suna raba biyan da kashi 18 na yarjejeniya maimakon 20 na kasuwa, sai ɓangaren tsayayye ya fito 1,000 cif, musayar ta koma sifili. Idan ruwa ya motsa amma lissafinka yana ba ka sifili kullum, to da ruwan yarjejeniya kake aiki. Kuma da wuya ruwan shekara ɗaya da na biyu su zo ɗaya kamar a misalina, saboda haka kowane biya da ruwan wa'adinsa ake mayar da shi darajar yau.

Akwai tarko ɗaya a ɓangaren mai hawa da sauka. Cewa darajarsa 1,000 ce gaskiya ne a ranar sabuntawa kaɗai. Idan wata shida suka wuce, an riga an tsayar da biya na gaba a kashi 20, saboda haka abin da ke tafe miliyan 1,200 ne nan da wata shida. Idan ruwan wata shida ya koma kashi 19 a shekara, rabinsa 9.5 ke nan, sai a raba 1,200 da 1.095 a samu kimanin 1,095.9. Wanda ya bar 1,000 a wurin ya yi kuskuren kusan miliyan 96 a ɓangare ɗaya. Biyan tsayayye ma sai an sake lissafa su a kan wata shida da wata goma sha takwas, sannan a cire ɗaya daga ɗaya.