Darasi: Yadda Ake Rubuta Uzuri da Makara a Jerin Mahalarta Taro

A farkon kowane bayanin taro, wanda ake ce wa minit, bayan an sa sunan ƙungiya da ranar zama da lokacin da aka buɗe, sai jerin sunaye ya biyo baya. Sabon sakatare yakan ɗauka wannan shi ne wuri mafi sauƙi, tunda ai sunaye ne kawai. Amma da wannan jeri ne ake tabbatar da ko mutanen da suka zauna sun kai adadin da dokar ƙungiya ta ce sai an cika kafin a yanke shawara, da shi kuma ake sanin wa ke wurin lokacin da aka jefa ƙuri'a.

Kowane ɗan kwamiti dole ya faɗa cikin ɗaya daga cikin kashi uku: mahalarta, waɗanda suka ba da uzuri, da waɗanda ba su zo ba kuma ba a ji daga gare su ba. Suna ɗaya, wuri ɗaya. Baƙon da aka gayyato ana ware masa nasa layin a ƙasa, domin ba ya jefa ƙuri'a, ba a kuma ƙirga shi cikin adadin.

Mai uzuri

Mai uzuri shi ne wanda ya aiko da saƙo cewa ba zai samu zuwa ba, ko da baki, ko ta waya, ko a rubuce, saƙon kuma ya iso ga shugaba ko sakatare. In ana cikin taro wani ya ce, "Ina jin Malam wane ya yi tafiya," wannan ba uzuri ba ne, zato ne. Sai ka tambaya, "Shi ya aiko ka?" In ya ce a'a, sunan ya tafi kashi na uku.

Abin da za ka rubuta gajere ne: "An karɓi uzurin Mataimakiyar Shugaba." Shi ke nan. Yawancin kuskure wajen faɗin dalili ake yin sa. Wata ta kira ka ta ce tana asibiti, ta gaya maka har irin ciwon da ke damunta. Kai ta gaya wa, ba littafin ƙungiya ba. Minit ana karanta shi a gaban jama'a, ana ajiye shi shekara da shekaru, wanda bai san ta ba ma zai iya buɗewa. Saboda haka ciwo, matsalar gida, shari'a ko bashi ba sa shiga. In dokar ƙungiyarku ta ce lallai a faɗi dalili, to ka taƙaita shi: "rashin lafiya", "tafiya", "aiki". Dalili ɗaya da ya cancanci a faɗe shi sarai shi ne in ƙungiyar ce da kanta ta aiki mutum wani wuri, sai ka rubuta "yana wakiltar ƙungiya a wani taro", don kada gobe a lissafa masa fashi.

Ka kuma lura da bambancin "an sanar da uzuri" da "taro ya amince da uzuri". Wasu ƙungiyoyi dokarsu ta ce wanda ya yi fashin zama sau kaza a jere ba tare da uzurin da aka amince da shi ba, ya rasa kujerarsa. A irin wannan wuri kada ka rubuta "an amince" sai shugaba ya tambayi taro, taro kuma ya yarda. In karanta saƙon kawai aka yi aka wuce, "an sanar" za ka sa.

Kashi na uku kuwa, "Ba su halarta ba" ya isa. Ban da "ya ƙi zuwa", ban da "bai zo ba kamar yadda ya saba". Kai ba ka san ko ƙi ya yi ba, ko takardar gayyata ce ba ta kai gare shi ba.

Wanda ya makara

Wanda ya makara ya halarta, don haka cikin mahalarta sunansa yake. Abu biyu ake ƙarawa a gaban sunan: lokacin da ya shigo, da batun da ake kai a ajanda. Kalmar "ya makara" ita kaɗai ba ta da amfani, ga ta kuma da ɗan zafi. Minti biyar makara ce, awa guda ma makara ce, mai karatu ba zai san wace shawara ta wuce mutumin ba. Wanda ya tashi kafin a rufe taro shi ma haka ake yi masa.

Ga misali. Kwamiti mai mutum 9, dokarsa ta ce sai mutum 5 sun hallara taro zai zauna. An buɗe da ƙarfe 4:10 da mutum 5 daidai. Mutum biyu sun aiko da uzuri, wato Mataimakiyar Shugaba da Mai Binciken Kuɗi. An jefa ƙuri'a a batu na 2. Ma'aji ya shigo 4:35 ana kan batu na 3. Da 4:50 sai ga Mai Binciken Kuɗi, ashe abin da ya tsare shi ya kau, ya iske ana shirin fara batu na 4. Jami'in Walwala ya nemi izini ya fita 5:20 bayan an gama batu na 4. Jami'in Yaɗa Labarai kuwa shiru. Ga yadda jerin zai kasance, kai kuma a naka littafin sai ka sa cikakken sunan kowa kafin muƙaminsa:

Mahalarta
1. Shugaba
2. Sakatare
3. Mataimakin Sakatare
4. Sakataren Kuɗi
5. Jami'in Walwala, ya fita 5:20, bayan batu na 4
6. Ma'aji, ya iso 4:35, ana kan batu na 3
7. Mai Binciken Kuɗi, ya iso 4:50, kafin batu na 4

Uzuri
1. Mataimakiyar Shugaba

Bai halarta ba
1. Jami'in Yaɗa Labarai

Ka ga Mai Binciken Kuɗi an cire shi daga masu uzuri, tunda ya zo. Nan ne sakatarori da dama kan bar suna ɗaya a wuri biyu.

Yanzu ka gwada jerin da lissafi. Mahalarta 7, uzuri 1, wanda bai zo ba 1, jimla 9, ta yi daidai da yawan 'yan kwamiti. Da ta fito 10, an maimaita wani. Da ta fito 8, an manta wani. Sannan ka duba ƙuri'u. A batu na 2 mutum 5 ne a ɗakin, saboda haka masu goyon baya da masu adawa da waɗanda suka ƙaurace in an haɗa ba za su wuce 5 ba. In ka ga ka rubuta 4 da 2, akwai kuskure. A batu na 4 kuwa za su iya kai 7. In wata rana Ma'aji ya ce da shi aka yanke shawarar batu na 2, ko wani ya ɗora masa alhakinta, wannan 4:35 ita za ta raba gardama.

Don haka ka ajiye agogo kusa da kai. Da ƙofa ta buɗe ka duba lokaci, ka rubuta shi a gefen ajanda daidai batun da ake kai. Kada ka bari sai ka koma gida, ba za ka tuna ba. A cikin bayanin batun ma ka sa layi ɗaya: "Ma'aji ya shigo a wannan lokaci."

Aikin yi

Gyara waɗannan layuka uku a littafinka:

1. Ma'aji ya makara sosai kamar kullum. Ya shigo 5:05 ana kan batu na 3.
2. Sakataren Kuɗi ya aiko cewa ba zai zo ba saboda matarsa ta yi yaji, ya tafi biko.
3. Wani ya ce yana jin Jami'in Walwala ba shi da lafiya, amma ba shi ya aiko shi ba.

A kan kowane layi ka faɗi kashin da sunan zai shiga, sannan ka rubuta shi yadda ya kamata ya fito a minit.