Kurakuran da aka fi yi wajen bambance wata, duniyoyi da taurari a hoton dare

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a dubi girman haske a hoto a yanke hukunci da shi. Kyamara, musamman ta waya, idan ta ga duhu sai ta daɗe tana shan haske, kuma a wannan ɗan lokacin duk wani abu mai ƙarfin haske yakan kumbura ya wuce girmansa. Shi ya sa jinjirin wata na kwana biyu ko uku yake fitowa kamar farin dunƙule, har mai kallo ya rantse daren sha huɗu ne. Gyaran yana wajen ɗauka: a taɓa watan a fuskar wayar, a ja hasken ƙasa har gefensa ya fito sarai. Mai babbar kyamara kuwa, idan wata ya cika, zai iya farawa da f/11 da ISO 100 da 1/100 na daƙiƙa, amma ya sani da wannan saiti taurari za su ɓace, domin da wuya hoto guda ya nuna fuskar wata da ƙananan taurari tare.

Idan an riga an ɗauki hoton, lokaci da kusurwa ne za su faɗi gaskiya. Watan da aka gani a yamma, can ƙasa, jim kaɗan bayan magariba, jinjiri ne komai faɗinsa a hoto, saboda cikakken wata a wannan lokacin daga gabas yake ɓullowa. Siririn wata da aka ɗauka a gabas kafin asuba kuwa mai ƙarewa ne. Wani lokaci akan ga ɓangaren duhun jinjirin yana ɗan haske mai toka-toka, har da'irarsa ta bayyana gaba ɗaya. Wannan hasken rana ne da duniyarmu ta mayar masa, kuma bai kamata a ɗauke shi alamar cika ko husufi ba.

Misalin da ya fi koyarwa shi ne maraicen 22 ga Fabrairu, 2023, lokacin da mutane da dama suka ɗauki jinjirin wata tare da ɗigo biyu masu haske a yamma, suka kira su taurari. Ko ɗaya ba tauraro ba ne, duniyoyi ne masu zagaya rana kamar tamu. Na ƙasa, wanda ya fi haske, Zara ce, wadda Hausawa ke kira matar wata. Na sama, kusa da watan, Mushtari ne. Abin da ke tabbatar da haka shi ne su ukun sun jeru kusan a layi ɗaya da ya gangara zuwa inda rana ta faɗi, domin wata da duniyoyi duk a kan hanyar da rana ke bi suke tafiya. Zuwa 1 ga Maris ɗigon biyu sun matso har tazararsu ta zama kusan faɗin wata guda, alhali taurari na gaskiya ba sa sauya tazarar da ke tsakaninsu daga dare zuwa dare. A ganina wannan gwaji, wato kwatanta hotuna biyu da aka ɗauka mako guda tsakani, ya fi kowanne inganci.

Akwai kuma masu kiran duk ɗigo mai haske Zara. Ita ba ta nisanta da rana fiye da digiri 47 ko kusa da haka, saboda haka da maraice a yamma take, da asuba a gabas, inda ake kiranta Gamzaki. Abin da aka ɗauka a tsakiyar sama da tsakar dare, in duniya ce mai tsananin haske, mai yiwuwa Mushtari ne, kuma da doguwar lens akan ga ƙananan ɗigo har huɗu a jere kusa da shi, waɗanda watanninsa ne. In kuma yana kudu da taurari ukun nan da ke jere a ƙugun rukunin taurarin da ake kira Orion, a daren hunturu, to Shi'ira ne, tauraron da ya fi kowanne haske da dare.

Ka'idar da ake koya wa yara, cewa tauraro yana ƙyalli duniya kuwa haskenta a tsaye yake, ta ido ce, ba ta aiki a hoto mara motsi. Haka nan faɗaɗa hoton waya don neman da'ira ba ya taimakawa, domin tauraron da saiti bai kama ba shi ma da'ira yake zama.

Sai ɗigon da ba ya cikin sama kwata-kwata. Koren ɗigo da ke bayyana a ɗaya gefen hoto, daura da wata, kuma nisansa daga tsakiyar hoton daidai da na watan, inuwar haske ce a cikin gilasan kyamara. A ɗan juya wayar a sake ɗauka, za a ga ya sauya wuri yayin da taurari suka tsaya. Ɗigon da ya fito a cikin ɓangaren duhun jinjirin wata ma ba tauraro ba ne, tun da wata dunƙulallen dutse ne da ke tare duk abin da ke bayansa. Inda shakka ta rage, a duba kwanan wata da sa'ar da ke cikin bayanan hoton, a saka su tare da sunan garin a manhajar Stellarium mai nuna taswirar sama, sannan a kwatanta abin da ta nuna da hoton ɗigo bayan ɗigo.