Kamera tana aiki da rana, ta mutu da magariba: kurakuran PoE da gyaransu

Ƙorafin da masu haɗa kamerar tsaro a Tahoua suka fi ji shi ne hoto yana fita tas da rana, da an kira sallar magariba sai kamera ɗaya ko biyu su ɗauke. Mai gida ya ce kamerar ce jabu, a canza ta, gobe abin ya dawo. Galibi kamerar lafiyarta ƙalau, wuta ce ba ta isar ta. Idan duhu ya yi tana kunna ƴan fitilunta na ganin dare, cin wutarta ya ƙaru, kuma duk wutar ta cikin wayar sadarwar nan ɗaya take zuwa. Wannan tsarin ake kira PoE.

Kuskuren farko wajen sayen suwic ake yin sa, wato akwatin da ake jona wayoyin kamerori a jikinsa, yana raba musu wuta. Mutum ya ƙirga ramuka takwas, kamerorinsa takwas, ya biya. Bai duba jimillar wutar da suwic ɗin zai iya rabawa ba. A ce sito ne na albasa, an sa kamera 8, kowace tana cin wat 5 da rana, wat 9 da dare, suwic ɗin kuma wat 60 aka rubuta a jikinsa. Da rana wat 40 ake nema, babu matsala. Da dare ana neman 72, sai suwic ya yanke wa wasu ramuka wuta don ya tsira da sauran. Alamarsa ita ce idan ka cire kamera biyu, waɗanda suka mutu su farfaɗo. A yi lissafi da cin wuta mafi girma da ke takardar kamera, a ƙara aƙalla kashi ɗaya cikin biyar, sannan a je kasuwa.

Kowane rami ma yana da iyakarsa. Mai lamba 802.3af wat 15.4 yake fitarwa, 12.95 ake lamunce wa na'ura. Mai 802.3at, wanda ake rubuta wa PoE+, yana fitar da 30, na'ura ta samu 25.5. Kamera mai juyawa da manyan na'urorin raba Wi-Fi sukan nemi na biyun, wasu har sai 802.3bt. A kuma yi hattara da ƴan akwatunan ba da wuta masu vol 24 da ke zuwa tare da wasu eriyoyi. Suwic na ƙa'ida sai ya gwada na'ura kafin ya sakar mata wajen vol 48, su kuwa waɗannan tura wuta kawai suke yi. Ba za su tada kamerar vol 48 ba, kuma suna iya ƙona ramin na'urar da ba a yi ta don su ba.

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne waya. Kwalin waya mai araha an rubuta masa Cat6, wato ajin wayar sadarwa da ke sama da Cat5e, amma cikinsa alminiyom ne da aka shafa wa jan ƙarfe, wato CCA. Bayanai suna wucewa a gajeren zango, shi ya sa ake ruɗuwa, amma yana tare wuta fiye da jan ƙarfe zalla da sama da rabi, yana kuma karyewa a bakin kan waya. Gane shi ba wuya: ka kankare silin ɗaya da wuƙa, in fari ya bayyana ka mayar wa mai shago. In an riga an ja wayar, ka haɗa silin biyu a can ƙarshe ka auna daga nan da mita, ka ga yawan tare wutarta, wanda ake ƙirgawa da om. A tsawon mita 100, jan ƙarfe na Cat5e bai cika wuce om 19 ba, CCA kuwa yakan doshi 30. Zafinmu yana ƙara dagula lamarin, domin waya da ke kwance ƙarƙashin kwanon rufi a watan Afrilu tana ƙara tare wuta. Cat5e na jan ƙarfe zalla ya fi mini Cat6 na alminiyom nesa ba kusa ba. Wadda za ta bi katanga a rana kuwa, a nemi mai baƙar riga ta waje ko a sa ta cikin bututu.

Sai nisa. Iyaka mita 100 ce daga suwic zuwa kamera, har da gajerun wayoyin haɗi na bakin kowane gefe, kuma Cat6 ba ya ƙara ko taku ɗaya. A sitonmu na ɗazu, kamerar bakin ƙofa tana mita 130. Fitilar raminta a jikin suwic za ta iya kamawa, hoton ya riƙa tsinkewa. Kada a ɗaura waya da salatif a ce an ƙara tsawo. A sa na'urar ƙara zango ta PoE ko ƙaramin suwic wajen mita 70, a tuna ita ma tana cin nata wat ɗin. Wasu suwic suna da maɓallin Extend da ke kai wa mita 250, amma gudun yana sauka zuwa 10 Mbps: zai ɗauki kamera ɗaya, ba zai ɗauki na'urar Wi-Fi ta jama'a ba. Tsakanin gini da gini kuwa faiba, wayar gilashi mai ɗaukar bayanai da haske, ta fi, ita ce tsawar damina ba ta bi, sai a kafa suwic mai PoE a can ɗaya ginin da wutarsa.