Yadda ake haɗa takardar salon gida don editocin mujalla su riƙa yanke hukunci iri ɗaya

Ɗauki mujallar da editoci uku suka tace, ka buɗe shafi na 4, sai ka ga an rubuta "Juma'a". A shafi na 19 kuma ta zama "Jumma'a". Wani labarin ya ce "mutum 12", na kusa da shi ya ce "mutum goma sha biyu". Babu wanda ya yi kuskure a cikin ukun, kowa abin da ya saba da shi ya bi. Amma mai karatu bai san da editoci uku ba, mujalla ɗaya yake riƙe da ita, kuma abin da zai ce shi ne ba a tace ta da kyau ba.

Maganin wannan ita ce takardar salon gida, wato 'yar takarda mai shafi ɗaya ko biyu da ke ɗauke da hukuncin da gidan ya yanke a wuraren da ake da zaɓi. Littafin nahawu daban, ita daban, kuma da zarar ta fara koyar da nahawu to ta ɓata hanya.

Mataki na farko: a tono matsalolin daga tsofaffin fitowa

Kada ku zauna ku ce bari mu tuno abubuwan da ya kamata a sa. In aka yi haka, kowa dokar da malaminsa ya koya masa zai kawo, a tashi da shafi ashirin da ba mai buɗewa. Ku ɗauko fitowa biyu ko uku na baya-bayan nan, kowane edita ya karanta aikin da wani ya tace. Mutum ba ya ganin ɗabi'ar hannunsa, shi ya sa ake musayar. Duk inda ya ga an rubuta abu ba yadda shi zai rubuta ba, ya ja layi, ya rubuta kalmar da lambar shafin. A wannan zama ba a gyara komai, ba a kuma gardama, tarawa kawai ake yi.

Mataki na biyu: a raba abin da aka tara gida uku

Nan ne ainihin aikin yake, kuma nan ne aka fi yin tuntuɓe.

Kashi na farko kurakurai ne tsantsa. Haɗe "shi ne" ta zama "shine" kuskure ne a ƙa'idar rubutu, babu batun zaɓi. Haka "akan" da "a kan": kalmomi ne masu ma'ana daban. "Akan tace labari sau biyu" yana nufin abin da aka saba yi, "an ɗora shi a kan tebur" kuma wuri yake nunawa. Irin waɗannan ba a kaɗa musu ƙuri'a. Wanda ke yawan dawowa daga cikinsu shi kaɗai zai samu layi a takardar, don tuni.

Kashi na biyu shi ne inda hanya biyu duk suka halatta: "wato" ko "watau", "Juma'a" ko "Jumma'a", "kashi 40 cikin 100" ko "kashi 40 cikin ɗari", lamba da alƙalami ko da kalmomi. Don waɗannan aka yi takardar, kuma su za su cinye mafi yawanta.

Kashi na uku muryar marubuci ce. Wani yana son gajerun jimloli, wani yana jan magana. Wani ya rubuta da karin harshen da ya tashi da shi, musamman a cikin hira ko ƙagaggen labari. Ku cire hannunku daga nan. A ganina wannan kashin ya fi buƙatar tsaro, domin edita mai ƙarfin baki yakan so ya cusa son ransa a takardar ya kira shi doka. Gwajin mai sauƙi ne. Ku tambayi kanku: in abin ya bambanta daga wannan labari zuwa wancan, mai karatu zai ɗauka sakaci ne? In zai ɗauka sakaci ne, ya shiga takarda. In zai ɗauka marubuta biyu ne kawai masu hannu daban, a bar shi.

Mataki na uku: a yanke hukunci, a wuce

Kafin ku taɓa kalma ko ɗaya, ku zaɓi ƙamus guda da zai zama alƙalinku, ku rubuta sunansa da shekarar bugunsa a layin farko. Misali, gida zai iya cewa duk abin da takardar ba ta ambata ba a bi Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, bugun 2006. Wannan layi guda ya ɗauke muku rubuta ɗaruruwan kalmomi, domin yanzu abin da ya rage shi ne wuraren da ƙamusun bai taɓa ba, kamar sababbin kalmomin aro, da wuraren da kuka saɓa masa da gangan.

Sauran kuma, in an kasa daidaitawa cikin 'yan mintuna, a ƙirga wanda ya fi yawa a tsofaffin fitowar a ɗauke shi. In kunnen doki ne, babban edita ya yanke. "Wato" da "watau" ba su cancanci zaman awa guda ba.

Akwai hukunci ɗaya da ya cancanci a daɗe a kansa, shi ne na haruffa masu lanƙwasa. Ƙ, ɗ da ɓ dole ne, domin "ƙafa" daban take da "kafa", "ɓata" daban da "bata". Inda ake da zaɓi shi ne sautin farkon kalmar 'ya'ya: a Nijeriya an saba rubuta shi da 'y, a Nijar kuma da ƴ. Mujallar da marubutanta suka fito daga ɓangarorin biyu dole ta zaɓi ɗaya ta rubuta. In kun zaɓi 'y, to akwai sauran magana, domin alamar da ke gabansa ba iri ɗaya ba ce a kwamfuta. Akwai miƙaƙƙiya ta kan madannai, wadda lambarta a kwamfuta ita ce U+0027, akwai mai lanƙwasa, U+2019, akwai kuma U+02BC da ake ƙirgawa a matsayin harafi. A ido kusan ɗaya suke, amma shirin da ke tantance haruffa sak zai iya tsallake ɗaya in ka nemi ɗayar. Sannan Word, in an bar shi yana lanƙwasa alamomin zance da kansa, yakan ɗauka alamar farkon "'yan" buɗe zance ce, sai ya juya ta baibai ta zama U+2018. Ku zaɓi guda, ku rubuta lambarta a takardar, ku kuma gwada ko font ɗin mujallar yana da ita da dukkan haruffa masu lanƙwasa, manya da ƙanana. Alamar cewa babu su ita ce ka ga Ƙ ko Ɗ ta fi 'yan uwanta kauri ko siranta a kanun labari, saboda an aro ta daga wani font.

Mataki na huɗu: kowace doka layi ɗaya, da misalinta

Dokar da ba ta da misali, kowa zai fassara ta yadda ya ga dama. "A rubuta kwanan wata yadda ya dace" bai ce komai ba. Ga yadda layukan ya kamata su kasance:

Kwanan wata: Juma'a, 5 ga Disamba, 2025. Ba 5/12/2025 ba.
Lambobi: ɗaya zuwa goma da kalmomi, 11 zuwa sama da alƙalami. Awo, shekaru da kashi kullum da alƙalami: kilomita 3, kashi 7 cikin 100.
Manyan lambobi: 12,500, amma miliyan 3.
Jimla ba ta farawa da alƙalami. A sake gina ta.
Zance a cikin zance: alama biyu a waje, ɗaya a ciki.

Bayan dokokin sai jerin kalmomi bisa tsarin abacada, kowace da siffar da aka zaɓa da wadda aka bari. Sunayen mutane layi ɗaya ya ishe su: a rubuta suna yadda mai shi yake rubutawa, ko da Muhammad uku za su fito a shafi guda da rubutu iri uku.

Mataki na biyar: a gwada ta kafin a amince da ita

Ku rubuta sakin layi guda da gangan cike da tarko, ku ba kowane edita ya tace shi kaɗai, takardar na gabansa. A ce jimlar gwajin ita ce: "15 daga cikin yan kwamitin sun hallara ranar Jumma'a, kuma tsakanin mutum 8 zuwa goma sha biyu ne suka yi magana akan batun."

Duk ukun za su mayar da "yan" zuwa "'yan", "Jumma'a" zuwa "Juma'a", "akan batun" zuwa "a kan batun". Za su kuma kawar da 15 daga bakin jimla, ta koma "Mutum 15 daga cikin 'yan kwamitin". Inda za su rabu shi ne tsakiyar. Na farko zai bi dokar sak ya rubuta "takwas zuwa 12". Na biyu zai ga abin ya yi muni ya rubuta "8 zuwa 12". Na uku zai mayar da duka kalmomi. Laifin ba nasu ba ne, takardar ce ba ta faɗi abin da za a yi ba in ƙaramar lamba da babba suka haɗu suna ƙirga abu ɗaya. Sai a ƙara rabin layi: in sun haɗu, duka da alƙalami, 8 zuwa 12. Duk wurin da editoci biyu suka fito da amsa daban, giɓi ne a takardar, a cike shi a sake gwaji da sabon sakin layi.

Mataki na shida: mai riƙo ɗaya, kwafi ɗaya

Mutum ɗaya ne zai riƙa gyara takardar, kuma a wuri ɗaya za ta zauna inda kowa zai iya buɗewa, da kwanan watan gyaran ƙarshe a samanta. In aka bar kowa da kwafinsa a kwamfutarsa, kafin fitowa uku an koma gidan jiya. Sabuwar matsala in ta taso ana tsakiyar aiki, editan da ya ci karo da ita ya yanke na wucin gadi, ya sanar da sauran nan take, a tabbatar ko a sauya bayan an kai mujalla ɗab'i. Ba a sauya doka a tsakiyar fitowa. Abin da bai taso ba sai sau ɗaya kuma, kada a ba shi layi sai ya sake dawowa, in ba haka ba shafi biyu zai zama goma.

Jerin siffofin da aka bari shi ne abin binciken ƙarshe kafin a rufe fitowa: a nemi "Jumma'a", a nemi "watau", ɗaya bayan ɗaya. Amma a yi hattara da Replace All na Word. Wanda ya ce a mayar da duk "akan" zuwa "a kan" zai tarar "yakan" ta zama "ya kan", "makaniki" ya zama "ma kaniki". Zaɓar Find whole words only zai tsare waɗannan biyun, sai dai ba zai bambanta "akan yi" da "a kan tebur" ba, don haka wannan kalmar a bi ta da Find Next, ana duba kowace jimla da ido.